Yadda Ake Bin Sawun Hoto a Cikin Samfurin Gani, Daga Yanka Shi Gutsattsari Har Zuwa Amsa

A shekarar 2020 wasu masu bincike na kamfanin Google suka nuna cewa tsarin da ake amfani da shi wajen sarrafa rubutu zai iya gane hoto, muddin aka yanka hoton gutsattsari aka miƙa masa su a jere kamar kalmomin jimla. Samfurin da suka fitar ana kiransa ViT, kuma wanda aka fi yawan aiki da shi a cikin danginsa shi ne ViT-B/16. Lambar 16 da ke ƙarshen sunan ita ce faɗin kowane gutsure a ma'aunin fiksel, wato ƙananan ɗigogin launi da hoto ya ƙunsa. A nan za mu bi hoto guda ɗaya tun daga wayar da ta ɗauke shi har zuwa amsar da samfurin ya bayar, muna ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane mataki. Duk wanda yake da PyTorch, manhajar gina irin waɗannan samfura, a kwamfutarsa zai iya gwada kowane mataki da hannunsa, wanda ba shi da ita kuma takarda da biro sun ishe shi bin lissafin.

Hoton namu na ganyen masara ne, an ɗauke shi da waya mai kyamarar fiksel miliyan 12, faɗinsa 4000 tsayinsa 3000. A jikin ganyen akwai ɗan tabo mai launin ƙasa-ƙasa wanda faɗinsa bai wuce fiksel 30 ba, kuma wannan tabon shi ne abin da muke so samfurin ya lura da shi. Ka riƙe shi a zuciyarka, domin a kowane mataki tambayar da za mu yi ita ce me ya same shi.

Mataki na farko: rage girman hoton

ViT-B/16 na yau da kullum ba ya karɓar hoto sai mai fiksel 224 a faɗi da 224 a tsayi. Saboda haka kafin a yanka komai sai an ƙanƙantar da hoton. Ma'aunai su ne lambobin da samfurin ya koya lokacin horo, kuma tsarin da ke zuwa tare da ma'aunan `IMAGENET1K_V1` na torchvision, sashen hotuna na PyTorch, yana yin haka a zango biyu: yana matse hoton har gajeren gefensa ya koma 256, sannan ya yanko murabba'in 224 daga tsakiya ya watsar da sauran. Kana iya ganin wannan da idonka:

```python
from torchvision.models import vit_b_16, ViT_B_16_Weights
w = ViT_B_16_Weights.IMAGENET1K_V1
m = vit_b_16(weights=w).eval()
print(w.transforms())
```

Yanzu mu yi lissafin a kan hotonmu. Gajeren gefensa 3000 ne, idan ya koma 256 to kowane sabon fiksel ya haɗiye kusan fiksel 11.7 na asali a kowane gefe, dogon gefen kuma ya koma 341. Murabba'in 224 da aka yanko daga tsakiya daidai yake da 2625 a 2625 na hoton asali. Ma'ana an zubar da kusan fiksel 687 daga hagu, wasu 687 daga dama, da kusan 187 daga sama da kuma daga ƙasa. Abin da ya rage kusan kashi 57 cikin ɗari ne kawai na filin hoton. Da a ce tabon yana can gefen ganye kusa da bakin hoton, to a nan labarinsa ya ƙare, kuma babu wani saƙon kuskure da zai sanar da kai.

Mu ɗauka yana cikin yankin da ya tsira. Faɗinsa na fiksel 30 ya koma kusan biyu da rabi, launinsa kuma ya gauraya da koren da ke kewaye da shi, domin matse hoto yana nufin ɗaukar matsakaicin fiksel masu maƙwabtaka. A ganina wannan shi ne matakin da aka fi raina wa, alhali a nan ake yin babbar asara. Mutum zai shafe kwanaki yana zargin samfurin da rashin kaifin ido, bai taɓa buɗe ƙaramin hoton 224 ɗin ya duba abin da ya miƙa masa ba. Don haka ka mayar da shi ɗabi'a: ka ajiye hoton da aka rage, ka buɗe shi, ka faɗaɗa shi a allo. Idan kai da kanka ba ka iya hango tabon ba, kada ka sa rai samfurin zai hango shi.

Akwai tarko biyu a nan da ya kamata a ambata a gurguje. Wayoyi da yawa ba sa juya hoton da aka ɗauka a tsaye, suna dai rubuta alama a cikin fayil ɗin cewa a juya shi lokacin nunawa, kuma `Image.open` na Pillow, manhajar buɗe hoto, ba ya bin wannan alama sai ka kira `ImageOps.exif_transpose`. Sannan OpenCV, wata manhajar buɗe hoto, yana karanta launuka da shuɗi a farko da ja a ƙarshe, alhali samfurin yana jiran ja a farko. Duk biyun ba sa tsayar da aiki, amsa ce kawai take lalacewa.

Mataki na biyu: daidaita lambobin launi

Kowane fiksel lambobi uku ne, na ja da na kore da na shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Hoton da aka rage yana ɗauke da 224 × 224 × 3, wato lambobi 150,528. Ana raba kowace da 255, sannan a cire matsakaici a raba da ma'aunin bazuwa na wannan launin. Ga ma'aunan da muka ɗauko, matsakaitan su ne 0.485 da 0.456 da 0.406, ma'aunan bazuwar kuma 0.229 da 0.224 da 0.225. Fiksel mai ja 200 zai koma 0.784, a cire 0.485 a raba da 0.229, a sami kusan 1.31. Wasu ma'aunan, kamar na `google/vit-base-patch16-224`, an horar da su da 0.5 a duk wuraren, kuma a can wannan fiksel ɗin zai koma kusan 0.57. Babu wanda ya fi wani daidai a cikinsu. Doka ɗaya ce, ka yi amfani da wanda aka horar da ma'aunanka da shi.

Mataki na uku: yankan kansa

Idan ka raba 224 da 16 za ka sami 14 cif, babu saura. Hoton ya zama allo mai layi 14 da ginshiƙi 14, gutsattsari 196 ke nan, babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa kuma babu fiksel ɗin da aka bari a baya. Ana ƙirga su kamar yadda ake karanta boko, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, ana farawa da sifili. Kowane gutsure yana da fiksel 16 × 16 = 256, sau launi uku, lambobi 768, kuma ana miƙe su su zama jeri ɗaya dogo. Idan ka ninka 196 da 768 za ka koma kan 150,528 ɗin nan. Wannan yana tabbatar da wani abu mai muhimmanci: yankan bai zubar da komai ba, ya dai sake tsara lambobin.

Ina tabonmu yake? Mu ce a hoton da aka rage yana layin fiksel na 100 daga sama, ginshiƙi na 150 daga hagu. Raba 100 da 16 ya ba da 6 da saura 4, raba 150 da 16 ya ba da 9 da saura 6. Don haka yana gutsuren layi na 6 ginshiƙi na 9, wanda lambarsa ita ce 6 × 14 + 9 = 93. A cikin fiksel 256 na wannan gutsure, tabon ya mamaye kamar shida ko bakwai, sauran duk ganye ne. Kuma wannan gutsure ɗaya yana wakiltar murabba'in kusan 187 a 187 na hoton asali.

Ga yadda ake yankan daidai:

```python
import torch
x = torch.randn(1, 3, 224, 224)
p = x.unfold(2, 16, 16).unfold(3, 16, 16)   # (1, 3, 14, 14, 16, 16)
p = p.permute(0, 2, 3, 1, 4, 5).reshape(1, 196, 768)
```

Layin `permute` shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne wanda masu farawa suke tsallakewa. Tunda adadin lambobin ya yi daidai, `x.reshape(1, 196, 768)` kai tsaye ma zai yi aiki ba tare da ƙorafi ba, ya ba ka siffar da kake nema. Amma a ma'ajiyar kwamfuta hoton yana kwance ne launi bayan launi, layi bayan layi, saboda haka lambobi 768 na farko za su kasance layukan fiksel uku cikakku na launin ja kaɗai, wato 672, da ƙarin 96 daga layi na huɗu. Wannan ba murabba'i ba ne, zirin tsumma ne mai launi ɗaya. Hanyar gane wannan kuskure mai sauƙi ce: ɗauki jeri na 93, ka mayar da shi siffar `(3, 16, 16)`, ka nuna shi a allo. Idan ka ga ɗan yankin ganye da tabonsa, yankan ya yi. Idan ka ga ratsi-ratsi marasa ma'ana, ka koma ka duba tsarin jerin.

Layukan yankan ba su san komai game da abin da ke cikin hoton ba. Da tabon ya faɗo a ginshiƙi na 160, to da ya rabu tsakanin gutsure na 93 da na 94, kowanne ya ɗauki rabin abin da dama bai taka kara ya karya ba. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa gusar da hoto da fiksel kaɗan yake iya canja ƙarfin amsar samfurin, ko da yake a idon mutum hoton bai canja ba.

Mataki na huɗu: mayar da kowane gutsure harshen samfurin

Jerin lambobi 768 na launi ba shi ne abin da samfurin ke aiki da shi ba. Ana ninka kowane jeri da wani jadawali guda ɗaya da aka koya lokacin horo, mai layi 768 da ginshiƙi 768, sannan a ƙara wasu lambobi 768 na gyara. Jimillar ma'aunan wannan mataki ita ce 590,592. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar jadawalin ita ce a ɗauki kowane layinsa a matsayin ɗan zane mai girman gutsure: wani yana da haske a hagu da duhu a dama, wani ratsi ne a kwance, wani bambanci ne tsakanin ja da kore. Ana aza gutsuren a kan kowane zane a auna yadda suka dace, a fitar da lamba ɗaya. Zane 768 sun ba da lamba 768, kuma wannan sabon jeri shi ne wakilin gutsuren daga nan har ƙarshe.

Kada daidaiton 768 da 768 ya ruɗe ka. Na farko ya fito ne daga 16 × 16 × 3, na biyu kuma faɗin da aka zaɓa wa samfurin ne. A ViT-L/16 lambobi 768 ɗin suna komawa 1024, a ViT-B/32 kuma gutsure yana da lambobi 3072 da ake matse su zuwa 768, inda dole a rasa wani abu.

Abu biyu ya kamata ka lura da su. Na ɗaya, jadawali guda ne ake amfani da shi ga dukkan gutsattsari 196, saboda haka gutsure biyu masu kama ɗaya sak za su fito da jeri ɗaya sak, ko ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa. Na biyu, har yanzu babu gutsuren da ya san da zaman maƙwabcinsa. Jeri na 93 ya ƙunshi labarin kore mai yawa da ɗan duhu a wani lungu, bai san ko ganye ne ko rigar wani ba.

A aikace ba a cika yin yankan da ninkawar daban-daban ba. Ana haɗe su a aiki ɗaya da `Conv2d` mai taga 16 da tsalle 16, kuma kana iya tabbatar wa kanka cewa abu ɗaya ne:

```python
proj = m.conv_proj
a = proj(x).flatten(2).transpose(1, 2)
b = p @ proj.weight.reshape(768, 768).T + proj.bias
print(torch.allclose(a, b, atol=1e-4))
```

Idan kana rubuta naka tsarin, ka sani cewa `Conv2d` ba ya ƙorafi idan girman hoto bai rabu da 16 ba. Hoto mai faɗin 230 zai ba da ginshiƙi 14, fiksel 6 na ƙarshe kuma su faɗi ƙasa shiru.

Mataki na biyar: ƙarin jeri ɗaya da shaidar mazauni

A gaban jeruka 196 ana dasa wani jeri na musamman wanda bai fito daga hoton ba. A torchvision sunansa `class_token`. Lambobi 768 ne da aka koya lokacin horo, iri ɗaya ne ga kowane hoto a farkon tafiya, kuma aikinsa kamar na magatakarda ne a taro: yana sauraron kowa, a ƙarshe daga littafinsa ake karanta matsaya. Da shi jerukan sun zama 197, gutsurenmu na 93 kuma ya koma kujera ta 94.

Sannan sai maganar mazauni, wadda ta fi buƙatar natsuwa. Lissafin da ke tafe bai damu da tsarin jerin ba ko kaɗan. Idan ka gauraya jeruka 196 ɗin kamar kati ka miƙa masa, magatakardan zai fitar da amsa iri ɗaya. A wurinsa ganye cikakke da ganyen da aka daddatsa aka watsa duk ɗaya ne. Maganin shi ne wani jadawali mai layi 197 da ginshiƙi 768, lambobi 151,296, inda kowace kujera take da nata layin. Ana tara layin kujerar da jerin da ke zaune a kanta lamba bisa lamba, ba a manna shi a gefe ba, don haka tsawon jerin yana nan 768 kuma labarin launi da labarin mazauni sun cakuɗe a wuri ɗaya.

Babu wanda ya gaya wa samfurin cewa gutsure na 93 yana ƙarƙashin na 79 kuma yana saman na 107. Jadawalin yana farawa ne da lambobin kara-zube, horo ne yake gyara shi. Amma idan aka auna kamannin layukansa bayan horo, sai a tarar cewa kujerun da suke kusa da juna a hoto sun fi kama da juna, haka ma waɗanda suke layi ɗaya ko ginshiƙi ɗaya. Samfurin ya gano fasalin allon da kansa daga misalai. Wannan yana da farashi. Tsofaffin tsare-tsare irin su ResNet an gina su ne da sanin cewa fiksel masu maƙwabtaka suna da alaƙa, ViT kuwa sai ya koya. Shi ya sa masu binciken suka tarar cewa idan an horar da shi da hotunan ImageNet kusan miliyan 1.3 kaɗai yana bin bayan ResNet, bai wuce shi sosai ba sai da aka fara horar da shi da tarin JFT mai hotuna miliyan 300. Ga mai hotunan ganye ɗari biyar ko dubu biyu, abin da wannan ke nufi shi ne ya ɗauko ma'aunan da aka riga aka horar ya ɗora nasa horon a kai, kada ya fara daga sifili.

Gwaji ɗaya yana nuna wannan fili. Ka gauraya jerukan gutsattsarin bayan an tara musu shaidar mazauni, ka bar magatakarda a kujerarsa: amsar ba za ta canja ba, sai ɗan bambancin da ke can ƙarshen lambobi. Ka gauraya su kafin a tara shaidar: amsar za ta motsa, domin yanzu kowane gutsure yana ɗauke da adireshin wani.

Mataki na shida: gutsattsarin suna duban juna

Jeruka 197 suna shiga gini mai hawa 12, kowane hawa da aiki biyu. Aikin farko shi ne lura, kuma a nan ne karo na farko da labari yake tsallaka layin yanka. Hawan yana da kawuna 12 da ke aiki a lokaci guda. A kowane kai, ana fitar da ƙananan jeruka uku masu lamba 64 daga kowane jeri: tambaya, wato abin da yake nema, alama, wato abin da yake tallata kansa da shi, da kaya, wato abin da zai bayar ga wanda ya lura da shi. A rubuce, inda Q ke nufin tambaya, K alama, V kuma kaya, lissafin shi ne:

```
softmax(Q Kᵀ / √64) V
```

Mu fassara shi da gutsurenmu. Ana auna tambayarsa da alamar kowane ɗaya daga jeruka 197, har da tasa, a raba kowane sakamako da 8, sannan a mayar da su kaso-kaso da jimillarsu ta zama ɗaya. Don a ga yadda rabon yake, mu ce jeruka uku ne kawai kuma makinsu ya fito 2 da 1 da 0. Bayan `softmax` za su koma kusan 0.67 da 0.24 da 0.09. Gutsurenmu zai ɗebi kashi 67 cikin ɗari daga kayan na farko, 24 daga na biyu, 9 daga na uku, ya gauraya. Ana haɗa abin da kawuna 12 suka kawo, 12 × 64 ya koma 768, a bi da shi ta wani jadawali, sannan a tara shi a kan jerin da ke nan tun farko. Tarawa ake yi ba musanyawa ba, shi ya sa abin da gutsuren ya shigo da shi ba ya gogewa nan take.

Aiki na biyu kowane jeri yana yin sa shi kaɗai: ana faɗaɗa shi daga 768 zuwa 3072, a bi da shi ta wani lanƙwasasshen lissafi mai suna GELU, a dawo da shi 768, a sake tarawa. Lura tana kawo labari daga waje, wannan kuma yana narkar da shi.

Masu binciken sun auna nisan da kowane kai yake kallo, suka ga cewa a hawan ƙasa wasu kawunan suna tsayawa kan maƙwabta na kusa, wasu kuma tun daga nan suna leƙa ko'ina a hoton, kuma nisan yana ƙaruwa yayin da ake hawa sama. Ta haka jerin da ke kujera ta 94 zai iya samun labarin cewa abin da ke kewaye da shi ganye ne mai jijiyoyi a miƙe, ɗan duhun da ke cikinsa kuma ya saɓa wa sauran. Sakamakon haka shi ne, idan an kai hawa na sama, ba daidai ba ne a ce kujera ta 94 hoton gutsure na 93 ce kawai, domin ta sha gauraya sau 12. Saboda wannan nake jan kunnen masu nuna taswirar lura, wato hoton da ke haska wuraren da samfurin ya fi lura da su, a matsayin hujjar abin da samfurin ya gani. Bincike na shekarar 2023 ya nuna cewa wasu manyan samfuran ViT suna mayar da gutsattsarin bayan fage marasa labari wurin ajiyar lissafinsu, har su haska a taswirar alhali babu komai a wurin. Hanya mafi aminci ita ce ka rufe gutsure na 93 da koren da ke kewaye da shi, ka sake gudanar da samfurin, ka ga ko amsar ta sauka. Idan ba ta motsa ba, to ba tabon ne ya kawo ta ba.

Mataki na bakwai: karanta amsa

Bayan hawa na 12 ana ɗaukar jerin magatakarda kaɗai, a ninka shi da jadawalin ƙarshe ya ba da maki ga kowane rukuni. A ma'aunan da muka ɗauko rukunonin 1000 ne na ImageNet, kuma ba na cututtukan ganye ba ne. Mai aikin ganye zai cire wannan jadawali ya sa nasa mai yawan rukunonin da yake buƙata, ya ƙara horo. Duk ginin yana da ma'aunai kusan miliyan 86, kuma abin da tabonmu ya yi tasiri a kai dole ya bi ta fiksel shida ko bakwai ɗin nan ya iso nan.

Abin yi idan tabon ya yi ƙanƙanta

Tunanin farko shi ne a miƙa hoton da girmansa na asali. Lissafi ya hana. A kowane kai na kowane hawa ana auna kowane jeri da kowane jeri, 197 × 197 = 38,809. Hoton 4000 a 3000 zai ba da gutsattsari 250 × 187 = 46,750, kuma ninka wannan da kansa ya haura biliyan biyu, a kai ɗaya na hawa ɗaya, ga kuma kawuna 144 a ginin gaba ɗaya.

Hanya ta tsakiya ita ce ɗaga girman zuwa 384, wanda ke ba da 24 × 24 = 576, da magatakarda 577. Jerukan sun ninka kusan sau uku, awon lura kuma ya kai 332,929, sama da ninki takwas. Amma jadawalin mazauni yana da kujeru 197 ne kawai, don haka sai an gyara shi: a ware layin magatakarda, a shimfiɗa sauran 196 a allon 14 a 14, a miƙe allon zuwa 24 a 24 kamar yadda ake faɗaɗa hoto, a mayar da layin magatakarda, sannan a ɗan ƙara horo a sabon girman. Kuskuren da aka saba yi shi ne miƙe jadawalin a matsayin layi ɗaya dogo, wanda ke gauraya ƙarshen layi da farkon na ƙasansa alhali suna gefe biyu na hoton. Bayan duk wannan wahala, idan an matse tsayin 3000 zuwa 384, tabonmu bai kai fiksel huɗu ba. Rage gutsuren zuwa 8 a girman 224 kuma yana ba da jeruka 785 da awo 616,225, yana buƙatar ma'aunan da aka horar da wannan girman, kuma ba ya dawo da abin da matsewa ta riga ta goge.

Ga irin wannan aiki abin da ya fi araha kuma ya fi tasiri shi ne a yanko yanki daga hoton asali kafin a rage shi. Murabba'in 600 a 600 kewaye da tabon, idan an matse shi zuwa 224, kowane sabon fiksel yana haɗiye kusan 2.7 ne kawai, tabon ya zama kusan fiksel 11 a faɗi, ya cika sama da sulusin gutsure, kuma gefensa da launinsa suna nan. Lissafin bai ƙaru da komai ba ga wannan yanki. Idan ba ka san inda tabon yake ba, sai ka zagaya hoton da tagar 600 tana gusawa 400 a kowane tsalle, domin yankunan su ɗan hau juna kada abin da ya faɗo a kan iyaka ya ɓace, ka ƙara taga ɗaya manne da gefen dama don ta rufe saura. Haka za ka sami ginshiƙi 10 da layi 7, yankuna 70 da za su bi ta samfurin ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki wanda ya fi maki. Sharaɗin shi ne hotunan horon su ma a yanko su da wannan ma'auni, domin samfurin da ya saba ganin ganye cikakke daga nesa bai taɓa ganin jijiyar ganye mai kaurin rabin gutsure ba.